Wasiƙar da Mai Laburare Zai Iya Amsawa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, ina koyar da Turanci a aji ɗaya, kuma ni ce malamar ajin. Yara 58 gare ni, maza da mata. Akwai kamar 15 a cikinsu da ko an ba su littafi sai su kife shi a kan benci su kama hira. A zangon da ya wuce na rubuta wa mai kula da laburarenmu 'yar takarda na ce, "Don Allah Malam a taimaka mini da sunayen littattafan da za su sa yara son karatu." Ya aiko mini da jerin sunaye wajen 30, yawancinsu littattafan manhaja ne da waɗanda ake jarrabawa a kansu. Na gwada wasu, yaran ko kallonsu ba su yi ba. Ina so in sake rubuta masa, amma dattijo ne, ya kusa haifata, ba na so ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa. Me zan rubuta, kuma waɗanne littattafai zan nema?

Wata malama daga Jihar Katsina

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Dattijon nan bai yi miki rowa ba. Wanda ya shiga kemis ya ce a ba shi magani, bai faɗi inda ke masa ciwo ba, abin da aka fi saye za a miƙo masa. A laburaren makaranta kuwa abin da malamai suka fi nema shi ne littafin manhaja, shi ya sa ya ɗauko miki su. Shi littattafan ya sani, ke kuma yaran kika sani. Aikin wasiƙar shi ne ta kai masa yaran har teburinsa, ya gan su kamar yadda kike ganinsu. Don haka kafin ki ɗauki biro, akwai ɗan aikin da za ki yi a cikin aji.

Yaran nan da ke kife littafi ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, ko da yake daga gaban allo duk kamarsu ɗaya. Ki ware su ɗaya bayan ɗaya, lokacin tara ko bayan an tashi, inda sauran 'yan aji ba za su ji ba. Ki tanadi shafi biyu, ɗaya na Hausa ɗaya na Turanci, kowanne ki ƙirga kalma 100 ki sa alama da fensir inda ta ƙare. Ki ce wa yaro ya karanta a bayyane, ke kuma kina ɗiga alama a takardarki duk inda ya yi tuntuɓe, ya tsallake kalma, ko ya tsaya har sai kin faɗa masa. Ƙa'idar da malaman karatu suka saba bi ita ce, in kuskuren bai wuce 5 cikin 100 ba, yaro zai iya tafiya da wannan littafi shi kaɗai. In ya haura 10, littafin ya fi ƙarfinsa, komai daɗin labarin da ke ciki. Idan ya gama ki tambaye shi abu ɗaya kawai: me ya faru a nan? Kowane yaro minti uku zuwa huɗu ya ishe shi, kin ga a cikin mako guda kin gama da su duka.

Za ki tarar sun rabu. Akwai wanda har Hausar ma harafi-harafi yake haɗawa, ya ce "ma", ya ce "ka", ya ce "ran", kafin ya kai ga "ta" ya manta farkon kalmar. Wannan ba ƙin karatu yake yi ba, kunya yake gudu, kuma hirar da yake ja a bayan aji labule ce. Akwai wanda Hausa ke gudu a bakinsa, amma da an miƙa masa shafin Turanci sai murya ta shaƙe. Ko kuma ya furta kalmomin tsaf, ki tambaye shi me ya faru ya yi zuru. Yawanci waɗannan ne suka fi yawa. Sai na uku, wanda ya iya duka biyun, bai dai taɓa haɗuwa da littafin da ya fi masa hira daɗi ba. A cikin 'yan matan ma kina iya samun wadda take cinye dogon labari a wayar yayarta da daddare, ta zo aji a lissafa ta cikin marasa son karatu. Ki kuma sa ido a kan yaron da ke kai takarda har hancinsa ko yana ƙanƙance ido. Shi ba laburare ne zai yi masa magani ba, iyayensa za ki kira a duba masa ido.

Tunda kin same su su kaɗai, ki tambayi kowa abin da yake yi in an tashi makaranta. Kada ki ce "wane irin littafi kake so", don wanda bai saba karatu ba ba shi da amsar wannan, zai faɗi abin da yake zaton kina son ji ne. Amma in kin ce "jiya da la'asar ina ka je", za ki ji gidan kallon ƙwallo, kiwon tantabaru, shagon gyaran babur na yayansa, fim ɗin faɗa, tatsuniyar kaka. Ki rubuta su yadda suka faɗa.

Sai kuma abin da ke ran shi mai laburaren, wanda ba lallai ya faɗa miki ba. Littattafan nan a rajista suke, kuma duk ranar da aka zo ƙidaya shi za a tambaya wanda ya ɓata. Shi ya sa a makarantu da yawa littattafan labari masu hoto, waɗanda yara suka fi so kuma suka fi saurin ɓata, su ne ke kulle a kabad, manyan kundaye da ba mai ɗauka kuma suna baje a kan kanta. In wasiƙarki ba ta cire masa wannan fargaba ba, sunaye zai sake ba ki, littattafan kuma su ci gaba da kwana a kabad. Don haka ki ɗauki nauyin a wuyanki, a rubuce.

Ga yadda zan so ta kasance. Adadin da na sa misali ne, ki musanya da abin da kika samu:

*Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina ƙara godiya da jerin littattafan da ka aiko mini a zangon da ya wuce. Na ajiye shi don yaran da suka yi nisa. Yanzu ina neman taimakonka a kan yara 15 na aji ɗaya, 'yan shekara 11 zuwa 14, waɗanda na gwada karatunsu ɗaya bayan ɗaya.*

*Huɗu daga cikinsu har yanzu haɗa baƙi suke yi, ko da Hausa. Su ina neman littattafan Hausa masu manyan baƙaƙe da hoto a kusan kowane shafi, amma in da hali kada bangon ya nuna na 'yan firamare ne, don za su ji kunyar riƙewa. Takwas suna karanta Hausa sosai, Turanci ne ke ba su wuya. Su ina neman gajerun labaran Hausa masu ban dariya ko jarumta, waɗanda za a iya gama ɗaya a zama guda, da kuma na Turanci mafi sauƙi da kake da su. Uku sun iya duka biyun, suna dai cewa littafi ba daɗi. Su ina neman labarin Turanci mai gajerun babi, wanda ake fara rigima tun shafin farko.*

*Mazan ƙwallo da tantabaru da fim ɗin faɗa suka fi magana a kai, matan kuma tatsuniya da labarin 'yan makaranta irinsu. Ba na neman wanda ake jarrabawa a kansa.*

*Littafi 10 zuwa 12 sun ishe ni, daga cikin waɗanda ke nan a laburare yanzu, tare da bayanin kwafi nawa ke akwai na kowanne. In ka amince, zan sa hannu a rajista da sunana, in ɗauke su a kwali zuwa aji, in kulle su a kabad ɗin ofis kullum, in dawo da su bayan mako biyu. Wanda ya ɓata ko ya yage, ni ce da alhakinsa.*

*Ka fi ni sanin abin da yara ke yawan ɗauka a nan. In akwai littafin da ka ga ya tsufa saboda yawan hannu, shi na fi so. Zan leƙo ranar Laraba bayan tara in ji shawararka. Na gode, Allah ya ƙara girma.*

Kada ki aiki ɗalibi da ita, kada kuma ta bi ta ofishin shugaban makaranta, don da ta bi ta can ta zama ƙara. Ki je da kanki ki gaishe shi, ki tambayi iyali, ki faɗi buƙatarki da baki, sannan ki ajiye takardar ki ce don kada a manta. Kin lura ban sa ko kalma ɗaya a kan cewa jerin farko bai yi amfani ba. Ba ƙarya kika yi ba da kika ce kin ajiye shi, zai yi wa wasu yaran amfani. Jimlar nan ta littafin da ya tsufa saboda yawan hannu kuwa, kada ki cire ta. Mai laburare da ya daɗe a wurin ya san littafin da bangonsa ya fita har aka liƙe shi da salatif, kuma wannan shaida ta fi duk wani jerin sunaye da ni ko wani zai ba ki.

Duk da haka yana da kyau ki shiga da wasu sunaye a ranki, don in ya buɗe kabad ki san abin da idonki zai nema.

Ga yaran tsakiya, masu Hausa a baki, ban san abin da ya kai *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam ba, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930 cikin littafi uku. Dalilin ba tsufansa ko darajarsa ba ne, yadda aka gina shi ne. A littafi na ɗaya aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita daga gida, kuma kowane labari yana tsaye da ƙafarsa, shafi kaɗan ne an kai ƙarshe. Yaron da bai taɓa gama littafi ba yana bukatar ya ji ya gama wani abu yau, ba wata mai zuwa ba. Sai dai a kula da abu biyu. Shimfiɗar farko, ta sarki da waziri da yadda aka samo akun, tana da ɗan tsawo ga mai ƙaramin haƙuri, don haka ki buɗe masa tsakiya, ki ɗora shi a kan wani labari mai dariya, daga baya shi da kansa zai koma farko. Na biyu, Hausar ta wancan zamani ce. Yaron yau bai san sule da kwabo ba, bai san zagi ko shamaki ba. Kalma uku ko huɗu a kan allo kafin a fara sun wadatar, kada ki mai da abin darasin ma'anar kalmomi.

*Ruwan Bagaja*, shi ma na Imam, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka yi a 1933, siriri ne, kuma ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana kama yara maza da wuri, don kowane karo sai sun so jin wa zai yi wa wani a gaba. Masu son fim ɗin faɗa ki nema musu *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya ya zama jarumi. Akwai *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro aka yi sararin samaniya da shi. Ga masu son tatsuniya kuma, jerin *Tatsuniyoyi da Wasanni* na Ibrahim Yaro Yahaya yana da wata fa'ida ta daban: yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi tun a tsakar gida, saboda haka rabin aikin fahimta an gama shi, hankalinsa sai ya koma kan kalmomin. Wannan zai taimaki har yara huɗun nan masu haɗa baƙi, in kina zaune kusa da su.

*Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne mai daraja, amma a natse yake tafiya, kuma maganar bauta da rabuwar uwa da ɗa ba ita ce ƙofar shiga ga yaron da ke neman dalilin ajiye littafi ba. A bar shi sai sun kama hanya. Haka littattafan soyayya na kasuwa: 'yan mata za su karɓe su hannu bibbiyu, amma 'yan aji ɗaya ne, kuma uba guda da ya ga irinsa a jakar 'yarsa ya isa ya rufe miki kwalin gaba ɗaya. Duk abin da zai shiga kwalin, ki fara karanta shi da kanki.

A ɓangaren Turanci, yara ukun nan za su iya da *The Passport of Mallam Ilia* na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. A Arewa labarin ya faru, sunayen mutanen irin nasu ne, kuma mutum ne ke farautar wanda ya cuce shi shekara da shekaru. *Chike and the River* na Chinua Achebe, na 1966, ya fi shi sauƙin Turanci: yaro ne a Onitsha yake fafutukar samun kuɗin jirgin ruwa don ya tsallaka Kogin Neja. In kabad ɗin na da tsofaffin littattafan Pacesetters, ki duba su, sai dai yawancinsu sun fi dacewa da manyan ajujuwa. Kowanne daga cikin waɗannan ki yi masa gwajin kalma 100 da yaron da za ki ba. Ki koya musu ma su riƙa yi da kansu: a buɗe shafi a tsakiya, duk kalmar da ba a sani ba a lanƙwasa yatsa ɗaya, in hannu ya dunƙule kafin shafin ya ƙare a mayar a ɗauki wani, ba laifi ba ne.

Na san abin da zai zo miki a rai: ke malamar Turanci ce, me zai kai ki raba littattafan Hausa, musamman in makarantarku na cikin masu cin tarar wanda ya yi Hausa a aji. Ra'ayina shi ne, yaron da bai taɓa zama minti 20 da littafi don jin daɗi ba, ba zai fara wannan zama da harshen da yake tuntuɓe a kowane layi ba. Rubutun Hausa na boko yadda aka rubuta haka ake furtawa, don haka saurin ido, da bin labari daga shafi zuwa shafi, da haƙurin zama, duk sun fi saurin samuwa a can, kuma yaro yana tafiya da su zuwa Turanci. Ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri, ki jawo malamin Hausa cikin lamarin, kuma ki bar littattafan Turanci masu sauƙi a cikin kwali ɗaya da na Hausar. Kada ki raba kwalin biyu, don yara za su mai da ɗaya na masu ƙoƙari ɗaya na daƙiƙai.

Ranar da kwalin ya iso aji, kada ki raba littattafan kamar takardar jarrabawa. Ki ɗauki ɗaya ki karanta musu da murya, kina canza harshe in Zurƙe ne ke magana, na kamar minti 10. Daidai inda aka kama mutum za a kai shi gaban alƙali, ki rufe littafin ki ajiye a kan tebur ki ce lokaci ya yi, mai son jin ƙarshe ga shi nan. A nan ne amfanin sanin yawan kwafi zai fito, don in hannu shida suka miƙo kuma kwafi ɗaya ne, biyar sun koma hira. Ki kuma lura, yaran da dama suna son karatu su ne za su fara wawashe kwalin. Ki ba 'yan sha biyar ɗin nan damar zaɓe tukuna, ba tare da kin sanar da aji dalili ba; kina iya cewa su ne masu kula da kwalin na wannan mako.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri shi ne a ce kowa ya rubuto taƙaitaccen abin da ya karanta. Daga ranar littafin ya zama aikin gida, sai kwafar na juna. In kina son sanin ko ana karantawa, ki tsaya kusa da yaro ki ce "ina ka tsaya?" Wanda ke karantawa zai ce inda Zurƙe ya sake ɓullowa. Wanda ke riƙe da littafi kawai zai faɗi lambar shafi, ko ya ce ya kusa gamawa. Sauran alamun ba sa ɓuya: littafi ya bar hannun wanda kika ba ya koma na abokinsa ba da saninki ba, gardama ta tashi a kan wa ya fi wayo a labarin, ko wani ya zo yana tambaya ko akwai na biyu. In mako biyu suka wuce yaro bai wuce shafi biyar ba, ki sake gwada shi da wannan littafin. Yawanci za ki tarar ya fi ƙarfinsa ne, sai a sauko da shi mataki ɗaya.

Ki mayar da kwalin a ranar da kika ce, a ƙirge, ko da wani yaro bai gama ba. A sake rubuta masa aro. Ki haɗa da 'yar takarda ta biyu mai layi huɗu ko biyar: waɗannan uku an yi rububinsu, waɗannan biyu ba wanda ya taɓa, wannan yara sun ce rubutunsa ƙanana ne, akwai wani irin na farkon? Da wannan zaɓen mai laburaren na gaba zai fi dacewa, kuma ganin littattafansa sun dawo cif zai sa ya buɗe kabad ɗin da ya fi ji da shi.

Yana yiwuwa kuma ya buɗe kabad ɗin ki tarar babu komai sai littattafan manhaja da kundayen da aka kawo kyauta daga ƙasashen waje. To sai wasiƙar ta zama ta ku biyu, ke da shi, zuwa ga shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, da sakamakon gwajin yaran a maƙale. Kada ku nemi "littattafan labarai", ku rubuta suna uku da adadi. Yawancin na Hausar da na ambata kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga su, masu sayar da littattafan makaranta kuma sun san su. In kuɗin na kwafi 15 ne, ku sayi biyar-biyar na littafi uku maimakon ɗai-ɗai na littafi 15, don yara biyar su riƙa karanta labari ɗaya a lokaci guda suna yi wa juna gardama. Kafin kuɗin su fito, ki roƙe shi tsofaffin jaridun Hausa irin su Aminiya in ana ajiyewa, ki yanke shafin wasanni ki manna a kwali don masu zuwa gidan kallon ƙwallo.